Kuɗin mota ya tashi daga 45,000 ya koma 487,000, kuma ba wanda ya rubuta hakan

Rabi (Unguwar Rogo): Salamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai fahimtar da ni wani abu. Mu uku ne muke haɗa takardar neman tallafin taki wa manoman dankali, a Google Docs. Ni ina nan Jos, abokin aikina yana wani ƙauye can bayan Bokkos, ɗayar kuma tana wajen Mangu. Su biyun inda suke sabis sai a hankali, don haka tun kafin su tafi muka kunna musu yadda za su yi aiki ba tare da intanet ba. A cikin jadawalin kasafi mun sa kuɗin mota 45,000. Da suka dawo gari kwamfutocinsu suka kama intanet, na buɗe takardar na ga 487,000. Na tambayi na Bokkos ya ce shi 48,000 ya mayar, ita kuma ta ce 47,000 ta sa. Da jimillar da ke ƙasa ba ta ƙi daidaita ba, da haka za mu miƙa. Sannan a shafi na uku akwai wasu kalmomi su kaɗai a tsakiyar fili, "mai jure cutar ganye", ba gaba ba baya. Me ya faru?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Matsalar sabis ce wannan, Malama Rabi. Wajejen can in ba ka hau tudu ba ko kira ba ya shiga. Ku saya musu layi na biyu, su riƙa haɗa kwamfutar da wayar. Lokacin da saƙo ke tafiya sabis ya yanke, dole lamba ta gurɓace.

Ɗanladi Bukuru: A'a Malam, yankewar sabis ba ta ƙara wa lamba harafi. Abin da na sani shi ne wanda ya yi gyara a ƙarshe shi ke cin nasara, nasa ya danne na farko. Wataƙila agogon ɗaya daga cikin kwamfutocin ne ba daidai ba, sai abin ya rikice.

Rabi (Unguwar Rogo): To ai Yaya Ɗanladi ba wanda ya danne wani. Da 48,000 na gani ko 47,000, da ban ma yi tambaya ba.

Injiniya Kabiru: Malama Rabi, ki tambaye su abu ɗaya. Da za su gyara lambar, goge ta suka yi gaba ɗaya suka sake bugawa, ko 5 ɗin kawai suka cire?

Rabi (Unguwar Rogo): Na kira su. Dukansu 5 ɗin kawai suka cire.

Injiniya Kabiru: To ga amsarki nan. Lokacin da mutum yake rubutu a Google Docs babu intanet, ba sabuwar takarda kwamfutarsa take ajiyewa don ta aika daga baya ba. Jerin ayyukan da ya yi take ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya: a wuri kaza ya cire harafi ɗaya, a wuri kaza ya sa harafi kaza. Ta kuma riƙe inda takardar take ranar da ta rabu da intanet. Idan sabis ya dawo, wannan jerin take turawa zuwa na'urorin Google, can kuma a ɗora shi a kan abin da sauran mutane suka riga suka yi.

Yanzu duba lambarku. Na Bokkos ya aiko da abu biyu: a cire 5, a sa 8 bayan 4. Ta Mangu ma ta aiko da biyu: a cire 5, a sa 7 bayan 4. Cire 5 ba gardama a kai, dukansu sun yarda, an cire shi sau ɗaya. Saura 8 da 7. Kowannensu sabon rubutu ne da mutum ya buga da hannunsa, kuma ƙa'idar da aka gina abin a kai ita ce kada a zubar da rubutun kowa. Sai aka jera su kusa da juna: 4, 8, 7, sannan waƙafi da sifili uku. Da jerin ya juya, 478,000 za ki gani. Na'urar ba ta san kuɗi ba ne, haruffa take gani.

Kuma ki lura, da sun goge lambar gaba ɗaya, da abin da zai fito wani dogon abu ne kamar 48,00047,000, wanda ko yaro zai ce akwai matsala. Ƙaramin gyara shi ne mai haɗari, domin yana haifar da lambar da ta yi kama da ta gaske.

Ɗanladi Bukuru: Injiniya, ban yarda gaba ɗaya ba. Mu a shagonmu muna rubuta farashin kaya a Google Sheets, ni da ƙanena, kuma sau da yawa na ga nasa ya danne nawa. Ban taɓa ganin lambobi sun manne da juna ba.

Injiniya Kabiru: Gaskiyarka a nan, Ɗanladi. A Sheets kowane gida abu guda ne, ba a raba shi harafi-harafi, don haka idan mutum biyu suka taɓa gida ɗaya, na ɗaya ne zai tsaya. Inda na saɓa da kai shi ne maganar agogo. Ba wanda ya yi gyara a ƙarshe ba ne, wanda gyaransa ya isa can a ƙarshe ne. A ce ƙanenka ya canza farashin buhu ranar Litinin yana ƙauye babu sabis, kai ka canza ranar Laraba kana Bukuru da intanet, shi kuma bai samu sabis ba sai Alhamis. Na Litinin ɗin ne zai hau kan naka, tsohon farashi ya danne sabo. Idan ka yi zargin haka, danna gidan da maɓallin dama ka zaɓi Show edit history, zai nuna maka wanda ya canza da abin da ke wurin a da.

Ɗanladi Bukuru: Wannan kam ya taɓa faruwa, da farashin man gyaɗa. Zan duba.

Rabi (Unguwar Rogo): Allah ya saka da alheri. Amma abin da ya ɗaure min kai, ni ma fa ina ta rubutu a sama duk kwanakin nan. Na ƙara kusan shafi guda a gabatarwa. Ta yaya gyaransu ya san inda zai sauka, tunda komai ya matsa ƙasa?

Injiniya Kabiru: Wannan shi ne ainihin aikin da ake yi a can, kuma yawanci yana tafiya lafiya lau. Ɗauki jimla gajera: Musa ya zo. Idan kin ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wurare 10 ne. Ke kina da intanet kika sa "Malam" da tazara a gaba, wurare 6 ke nan. Abokin aikinki babu intanet ya ƙara "jiya" a ƙarshe, kwamfutarsa ta rubuta cewa ya sa shi bayan wuri na 10. Idan aka bi wannan a makance, "jiya" zai faɗa daidai bayan "Musa", ba a ƙarshe ba. To amma an san ke kin riga kin sa 6 a gabansa, sai a gyara masa lissafi a mayar da 10 ta zama 16, a samu Malam Musa ya zo jiya. Haka ake bin kowane gyara nasa, ana auna shi da duk abin da ya shiga tun ranar da ya fita. Shi ya sa in kuna aiki a wurare daban-daban na takarda ba za ku ga komai ba sai alheri. Rikici yana zuwa ne inda hannu biyu suka taɓa wuri ɗaya.

Kalmomin nan na shafi na uku, bari in yi hasashe: akwai sakin layin da kika ɗauke daga nan kika kai wani wuri?

Rabi (Unguwar Rogo): Ƙwarai. Bayanin irin dankali ne. Na ga ya fi dacewa da shafi na ɗaya, sai na yanke na manna a can.

Injiniya Kabiru: A idonki kin matsar da shi ne. A lissafin takarda kuwa abu biyu kika yi waɗanda ba ruwan ɗaya da ɗaya: kin goge sakin layi a shafi na uku, kin rubuta sabo a shafi na ɗaya. Shi na Bokkos har lokacin yana ganin tsohon a inda yake, ya ƙara "mai jure cutar ganye" a cikinsa. Da aka zo haɗawa, haruffan da kika goge sun tafi, amma kalmominsa ba sa cikin abin da kika goge, tunda ba ki taɓa ganinsu ba. Sai suka tsaya su kaɗai. Wanda kika manna a shafi na ɗaya kuma bai samu gyaran ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda ya bar alama. Wanda ya fi damuna shi ne idan abin da ya yi a cikin tsohon sakin layin gogewa ce, a ce ya cire sunan wani ƙauye da ba ya cikin shirin. Gogewarsa ta faɗa kan abin da ya riga ya tafi, ba ta bar komai ba, sunan ƙauyen kuma yana nan daram a shafi na ɗaya. Ki tambaye shi duk abin da ya taɓa a wannan sakin layin, kada ki tsaya a kan abin da kika gani kawai.

Hajiya Talatu: Ni dai wannan hirar ta ƙara min son Word. A ofishinmu OneDrive muke amfani da shi. Kwanaki ni da akawunmu muka gyara rahoto ɗaya, shi yana Pankshin. Da ya dawo sai muka ga fayil biyu a jakar, ɗaya da sunansa na asali, ɗaya an liƙa masa sunan kwamfutar akawun a ƙarshe. A lokacin na ji haushi, na ɗauka wani abu ne ya lalace. Amma aƙalla ya sanar da mu akwai magana. Naku kuwa ya haɗa shiru, ba wanda ya ji.

Malam Isa: To Hajiya idan fayil ya zama biyu, ba sai a duba wanda ya fi sabon kwanan wata a goge ɗayan ba?

Hajiya Talatu: Kada ka kuskura, Malam Isa. Kowanne yana ɗauke da aikin da babu a ɗayan. Abin da aka koya min: ka buɗe Word, ka shiga Review, ka danna Compare, ka zaɓi Combine. Zai tambaye ka fayil na farko da na biyu, ya fitar da na uku wanda ke nuna duk inda suka bambanta da launi. Sai ka bi su ɗaya-ɗaya, wannan Accept, wancan Reject. Rahoton shafi 20 ya ci mana yamma guda, amma mun san abin da muka miƙa. Biyu-biyu yake haɗawa, in ku uku ne sai a haɗa biyu tukuna, a ɗauki sakamakon a haɗa da na ukun.

Injiniya Kabiru: Haka ne Hajiya. Ƙarin da zan yi shi ne Word ma yakan gwada haɗawa da kansa idan fayil ɗin docx ne a OneDrive, sai ya kasa ne yake barin kwafi biyu ko ya nemi a zaɓa. Don haka rashin ganin kwafi na biyu ba shaida ba ce cewa ba wanda ya taɓa. Idan kun kunna Track Changes kafin kowa ya tafi, yana aiki ko babu intanet, kuma kowane gyara zai zo da sunan mai shi. Sannan kafin a bar gari a duba alamar da ke gefen fayil. Idan gajimare ne mai shuɗi, sunan kawai ke kwamfutar, fayil ɗin yana can, ba zai buɗu a ƙauye ba. A danna da maɓallin dama a zaɓi Always keep on this device, a jira sai alamar ta koma koriya.

Umar ɗalibi: Don Allah ku gafarce ni, tawa ta ɗan bambanta. Na rubuta babi guda na aikin kammala karatuna a Google Docs a gida, lokacin ba ni da data. Kwamfutar ta yi nauyi na kai wa mai gyara, ya ce ya share tarkacen Chrome. Da na sa data na buɗe, babin babu, takardar ta koma yadda take kafin in fara. Akwai yadda za a dawo da shi?

Injiniya Kabiru: Umar, ina taya ka jaje. Jerin gyaran nan da nake magana, kafin ya tafi, a cikin ma'ajiyar burauzar yake zaune, ba wani fayil ba ne da za ka gani a jaka. Idan aka share bayanan shafuka kafin a samu intanet, an share shi tare da su, kuma bai taɓa isa can ba balle a nemo. Ka shiga File, Version history, See version history ka duba ko akwai wata rana da wayar wani ta ba ka intanet na ɗan lokaci wani ɓangare ya wuce. In babu a nan, kada ka biya kowa kuɗi da sunan zai dawo maka da shi daga Drive.

Nan gaba, idan ka samu sabis ka buɗe takardar kanta, ka kalli ƙaramar alamar da ke kusa da sunanta a sama, ka jira sai ta ce Saved to Drive. Kafin ka ga wannan, kada a share komai, kada ka fita daga asusunka, kada kwamfutar ta je hannun mai gyara. In aikin mai yawa ne, kowane dare ka kwafe abin da ka rubuta ka zuba a wani fayil na Word a filashi.

Umar ɗalibi: Na duba. A nan ma babu shi. Na gode Injiniya.

Hajiya Talatu: Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Ka zauna yau-yau ka rubuta kanun abin da ka tuna tun bai gushe ba.

Alhaji Garba: Na karanta duka. Ni shawarata ta tsofaffi ce. Takardar da kuɗi ke ciki hannu ɗaya ya kamata ya riƙe ta. Waɗanda suke ƙauye su rubuto gyaransu ta WhatsApp, saƙo yana jira har sabis ya zo ya wuce, Rabi ta shigar da kanta. Da haka aka yi, da ta ga 48,000 daga wannan, 47,000 daga waccan, ta kira su ta ce wanne ne gaskiya. Wannan tambayar ai mutum ne zai yi ta.

Rabi (Unguwar Rogo): Baba Alhaji, maganarku gaskiya ce a kan kuɗi. Amma takardar shafi 14 ce, kuma rabinta bayanin gonaki ne da su kaɗai suka gani da ido. In komai sai ya bi ta hannuna, kwafa zan yi ta yi har ranar miƙawa ta wuce.

Injiniya Kabiru: Ni tsakiya zan bi, ranka ya daɗe. A raba takardar tun kafin a tafi: sashen Bokkos nasa, sashen Mangu nata, gabatarwa da kasafi na Malama Rabi. Wanda ya ga gyara a sashen da ba nasa ba kada ya taɓa, ya rubuta a ƙarshen nasa sashen ko ya turo saƙo kamar yadda Alhaji ya ce. Kuma muddin akwai wanda bai dawo ba, ba a matsar da sakin layi, ba a sake jera sassa. Wannan aikin ranar da kowa ya haɗu ne.

Abu ɗaya da zai sauƙaƙa miki bincike: ranar da za su tafi, ki shiga File, Version history, Name current version, ki sa masa suna kamar "kafin tafiya". Da sun dawo, a bar su su haɗa ɗaya bayan ɗaya, kina sa suna bayan kowanne. Tarihin yana nuna gyaran kowa da launinsa, sai ki bi. Amma ki yi hattara da Restore this version, domin takardar gaba ɗaya yake mayarwa baya, har da aikin kirki da ya shigo daga baya. In abu ɗaya kike nema, kwafo shi kawai daga tsohon ki dawo ki manna.

Ɗanladi Bukuru: Ni a ganina kasafin ma a fitar da shi daga Docs a kai Sheets, jimilla ta riƙa lissafa kanta da `=SUM(C2:C12)`. Ba za a taɓa samun 487,000 ba.

Hajiya Talatu: Ɗanladi, ai jimillar da aka buga da hannu ce ta ceci Rabi. Da tana lissafa kanta, da ta bi duk lambar da ta tsaya ta daidaita, ba wanda zai san an yi saɓani tsakanin 47 da 48.

Ɗanladi Bukuru: Bambancin naira dubu ɗaya da bambancin sama da dubu ɗari huɗu ai ba ɗaya ba ne, Hajiya. Na fi son ƙaramin kuskure.

Hajiya Talatu: Yau dubu ɗaya ne. Ranar da aka danne adadin buhunan taki fa?

Alhaji Garba: Shi ya sa na ce hannu ɗaya. Rabon sassa da Injiniya ya kawo yana da kyau a baki, amma mutum yana ƙauye ya ga kuskure ƙarara a gabansa, da wuya ya iya kame hannunsa.

Rabi (Unguwar Rogo): Na bi tarihin kamar yadda Injiniya ya ce. 8 da launinsa, 7 da launinta, suna manne. Na kuma tambayi na Bokkos game da sakin layin iri, ashe ya cire wata jimla da ke cewa an riga an raba iri, domin ba a raba ba tukuna. Tana nan a shafi na ɗaya, yanzu na cire ta. Kuɗin motar kuma har yanzu ba su daidaita ba, shi ya ce direban da ya yi magana da shi 48,000 ya faɗa har da lodi, ita ta ce nata bai ambaci lodi ba. Gobe za su kira direbobin. Mako mai zuwa za su sake komawa, kasafi zai zauna a hannuna, sauran sassan kuma zan gwada rabawa.

Malam Isa: Duk da haka dai a saya musu layi na biyun.

Injiniya Kabiru: A saya, Malam, zai taimaka. Duk ranar da suka samu ko minti biyar na sabis suka buɗe takardar ta haɗa, gyaran da zai taru ya ragu. Malama Rabi, ki ce musu buɗe kwamfuta kaɗai bai isa ba, su buɗe takardar su jira Saved to Drive, sannan su turo miki saƙo cewa ya wuce.